Ƙarar Sitabilaiza da Karkacewar Wutar da Take Fitarwa: Yadda Ake Gano Tushen Matsalar

A garuruwan masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wutar lantarki tana isa ga mafi yawan gidaje da shaguna ne bayan ta bi dogayen layuka na kamfanin rarraba wuta na KEDCO, wanda yake kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Ko da yake akwai tashar kamfanin TCN a Gagarawa mai sauke wuta daga kilobolt 132 zuwa 33, abin da yake shiga soket ɗin mai shago ya fi dogara ga taransifomar unguwarsa, da yawan gidajen da aka ɗora mata, da kaurin wayar da ta taso daga gare ta, da kuma nisan da ke tsakani. A ƙa'ida bolt 230 ya kamata a samu, amma wanda yake ƙarshen layi yakan ga abin da ya gaza haka da nisa, musamman daga magariba zuwa tsakar dare a watannin bazara, lokacin da kowace fanka da kowace firiza take aiki. Wannan ne halin da jama'a suke kira lokaran, kuma shi ne ya sa sitabilaiza ta zama kayan dole ga mai sayar da ruwan sanyi da mai kemis da mai ɗakin cajin waya.

Ƙorafin da aka fi kai wa masu gyara a kan wannan na'ura shi ne tana yawan ƙara, ƙas-ƙas ba hutawa, ko kuma wutar da take fitarwa ta yi ƙasa ko ta yi sama. Abin da aka saba yi shi ne a cire rile a sa sabo, a karɓi kuɗi, bayan mako uku na'urar ta dawo da ciwonta na jiya. Dalili kuwa shi ne lalacewar rile sau da yawa sakamako ce ta yawan ƙarar, ba ita ce ta haifar da ita ba, kuma wanda bai gano abin da yake sa rile ɗin bugawa ba zai ci gaba da ƙona sababbi.

Yadda na'urar take aiki

A cikin sitabilaiza irin ta gida, wadda ake rubuta wa 1000VA ko 2000VA ko 5000VA a jiki, akwai taransifoma mai naɗin waya guda ɗaya, wanda aka fitar wa da rassa a wurare daban-daban na tsawonsa. Kowane reshe yana ba da wani ninki dabam tsakanin wutar da ta shigo da wadda za ta fita: wani yana ɗaga ta sosai, wani kaɗan, wani yana barin ta yadda take, wani kuma yana rage ta. Abin da yake zaɓar reshen shi ne rile, wato makunnin da maganaɗisu yake ja. Rile yana da sassa biyu da ya wajaba a bambance su: akwai koyil, ƙaramin naɗin waya da ake ba wa wutar batir ta bolt 12 ko 24 don ya zama maganaɗisu, akwai kuma leɓɓan ƙarfe da maganaɗisun yake haɗawa ko rabawa, waɗanda dukkan wutar kayan gidan take ratsawa ta cikinsu. Ƙarar da ake ji ita ce bugun waɗannan leɓɓa. Mai ba wa rile umarni kuwa ƙaramin allo ne da yake auna ƙarfin wuta yana kwatanta shi da iyakokin da aka saita masa. A tsofaffin na'urori aikin yana hannun guntun LM324 ko LM358 tare da ƙananan madaidaita masu kan sukurudireba da ake kira firiset, a sababbi kuma yana hannun guntu mai manhaja.

Domin a sami abin lissafi, a ɗauki misalin na'ura mai rassa biyar, wadda aka rubuta mata cewa tana karɓar wuta daga bolt 140 zuwa 260. Reshen farko yana ninka wuta sau 1.45, na biyu sau 1.27, na uku sau 1.10, na huɗu yana wuce da ita yadda take, na biyar yana mayar da ita kashi 90 cikin 100. Waɗannan alƙaluma na misali ne, domin kowane kamfani da nasa naɗin, amma suna nuna abu ɗaya da ya shafi dukkansu: na'urar ba ta daidaita wuta a kan bolt 220 cif, tana tsalle ne daga mataki zuwa mataki, kuma tsakanin mataki da mataki akwai bambancin bolt 20 zuwa 30. Saboda haka ne ake rubuta cewa abin da take fitarwa bolt 220 ne da ragi ko ƙarin kashi 10 cikin 100, wato daga 198 zuwa 242. Mai na'urar da ya ga mitarsa ta nuna 205 da dare, ta nuna 236 da asuba, ba shi da matsala ko kaɗan. Haka nan bugu ɗaya ko biyu lokacin da firiza ta tashi, ko lokacin da injin niƙan maƙwabta ya kama aiki, aikin na'urar ke nan.

Abin da yake hana na'ura lafiyayya yin ta kai-kawo shi ne tazarar dawowa, wato bambancin da aka bari da gangan tsakanin inda rile yake kamawa da inda yake saki. Idan yana kamawa ne sa'ad da wuta ta sauka zuwa bolt 158, ba zai saki ba sai ta hau zuwa kamar 164, don kada ɗan motsin bolt ɗaya ko biyu ya riƙa kaɗa shi. Yawancin cututtukan da za a bayyana a ƙasa suna komawa ne ga ɗayan abu biyu: ko dai tazarar ta ƙuntata, ko kuma wutar da ke shigowa tana lilon da ya fi tazarar faɗi.

Sauraron ƙarar kafin a kwance ko da kusa ɗaya

Ƙarar kanta tana ɗauke da bayani, kuma ana iya raba ta gida uku bisa ga saurinta. Ta farko ita ce mai tsari, wadda wuta take ɗaukewa gaba ɗaya tare da ita: na'urar ta kunna kaya, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta yanke, ta jira daƙiƙa biyar ko shida, ta sake kunnawa. Wannan alama ce ta cewa wutar shigowa tana faɗawa ƙasa da iyakar na'urar da zarar an ɗora mata kaya. Ta biyu ita ce bugu tsakanin rassa biyu, inda ƙwan fitila yake ƙara haske yana ragewa ba tare da ya mutu ba, wanda yake nuna lilon wuta a bakin iyakar reshe ko kuma saitin da ya goce. Ta uku ita ce karkarwa mai sauri ƙwarai, kamar kukan zuma a cikin akwati, wadda kusan kullum daga wutar da ke ciyar da koyil take, ba daga layin waje ba.

Bayan sauraro sai awo, kuma awo biyu ne suke yanke hukunci. Ana sa mita a ma'aunin wutar gida, a auna abin da ke shigowa a daidai inda na'urar take shan wuta, sau ɗaya babu kaya a kanta, sau ɗaya kuma da dukkan kayan a kunne, sannan a auna abin da take fitarwa a kowane hali. Ya wajaba a yi wannan awo a wurin da na'urar take zaune, a kuma lokacin da take yin ƙarar. Na'urar da take hauka da ƙarfe takwas na dare a bayan kasuwar Maigatari za ta iya yin lafiya lau a teburin mai gyara a cikin Gumel da hantsi, kuma wannan lafiyar ba ta tabbatar da komai ba. Mitar da ke jikin na'urar ba abar dogaro ba ce, domin a wasu masu araha allon yana nuna 220 ne kawai muddin wutar tana cikin iyaka.

Misali da aka bi daki-daki

A ɗauki shagon sayar da ruwan sanyi da zoɓo a gefen gari, mai firiza biyu da fanka biyu da fitilu, duk a kan sitabilaiza 2000VA mai iyakar bolt 140 zuwa 260. Da rana komai lafiya, amma daga ƙarfe bakwai na yamma sai na'urar ta shiga kunnawa tana yankewa. Awon farko, babu kaya, ya nuna bolt 150 a soket, wanda yake cikin iyaka, kuma a nan ne mai gaggawa zai yanke cewa laifin na'urar ne. Amma da aka kunna kaya aka zuba wa mita ido, sai aka ga ta sauka zuwa 137 kafin na'urar ta yanke, sannan ta koma 150 nan take.

Lissafin abin da ya faru ba shi da wuya. Kayan shagon suna jan amfiya 4 a ɓangaren fita. Sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta ƙara a bolt tana biyan sa ne da ƙarin amfiya daga layi, don haka a reshen da ke ninkawa sau 1.45 tana jan kusan amfiya 6, wanda ya kai kimanin 6.4 idan aka haɗa da abin da taransifomar take ɓatarwa a zafi. Faɗuwar bolt 13 a kan amfiya 6.4 tana nufin akwai turjiya ta kusan om 2 tsakanin taransifomar unguwa da na'urar. Da wutar ta sauka ƙasa da 140 sai kariyar na'urar ta yanke kaya. Da kayan suka yanke sai jan ya tsaya, wutar ta koma 150. Allon ya ga komai daidai, ya ƙirga daƙiƙunsa, ya sake kunnawa. Na'urar tana yin abin da aka ƙera ta ta yi ne, kuma babu rile ɗin da za a canja ya warkar da wannan.

Tambaya ta gaba ita ce ina om biyun suke. Aka auna a bakin mitar kamfani, inda wuta take shiga shagon, da kaya a kunne, aka sami bolt 146. Ke nan bolt 4 ne kawai suke faɗuwa a layin waje, sauran 9 a cikin shagon suke ɓata. Daga mita zuwa soket an ja siririyar waya mai kaurin milimita murabba'i 1 tsawon mita 20. Wayar jan ƙarfe mai wannan kauri tana da turjiyar kimanin om 0.0175 a kowace mita, kuma tun da wuta tana zuwa ta dawo, tsawon ya zama mita 40, wato om 0.7, wanda yake cin bolt 4.5. Sauran bolt 4.5 suna ɓata ne a wani haɗi da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, da kuma soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi. Bolt 4.5 sau amfiya 6.4 ya kusa wat 29 na zafi a wurin da bai fi kan yatsa ba, abin da ya isa ya narkar da roba, kuma da irinsa ne gobarar shago take farawa.

Da aka sa waya mai kaurin milimita murabba'i 4, aka cire haɗin, aka ɗaure na'urar kai tsaye a kan makunni mai ƙarfi maimakon soket, sai turjiyar duka ta sauko zuwa kusan om 0.8, wutar shigowa ta tsaya a wajen bolt 145 da kaya, abin fitarwa ya zama kimanin 210. Amma gyaran bai ba da faɗin numfashi sosai ba, kuma ya kamata a gaya wa mai shago gaskiyar haka. Kwamfireson firiza yana jan ninki biyar ko shida na abin da ya saba a cikin ɗan lokacin da yake tashi. Idan ɗaya mai jan amfiya 1.5 ya tashi sauran kaya suna aiki, jan fita zai kai amfiya 10, na shigowa ya haura 14, wutar ta nutse zuwa kusan 138 na ɗan ƙiftawar ido. Wasu allunan suna kau da kai daga irin wannan gajeriyar nutsewa, wasu ba sa yi. Kafin gyara kuwa nutsewar takan kai wajen bolt 121. Idan layin unguwar ya ƙara sauka da bolt biyar kacal, matsalar za ta dawo, kuma maganinta na dindindin shi ne na'ura mai faɗin iyaka, irin mai karɓa daga bolt 100 ko 90.

A nan akwai tarkon da yake kama masu saye da yawa. Adadin da aka rubuta a jikin na'ura na lokacin da wuta take cikakkiya ne. Naɗin taransifoma da leɓɓan rile amfiya suke ɗauka, kuma na'ura 2000VA an yi ta ne don kimanin amfiya 9. Idan wutar shigowa bolt 140 ce, amfiya 9 ba za su ba da fiye da kusan 1,260VA ba, a bolt 100 kuwa 900 ne. Don haka shagon da kayansa suka kai 880VA, a layin da yake sauka zuwa bolt 100, yana buƙatar 3000VA a ƙalla, 5000VA kuma ta fi kwanciyar hankali saboda tashin kwamfireso. Jera sitabilaiza biyu, ɗaya tana ciyar da ɗaya, dabara ce da ake yawan gani, amma tana ƙara jan amfiya daga layin da ya riga ya gaji, ta kuma sa na'urorin biyu su riƙa amsa wa juna bugu. Kuma duk na'urar da take ɗauke da firiza a sa mata dogon jinkiri na minti uku inda akwai maɓallinsa, domin kwamfireson da aka kashe aka kunna nan da nan yana tashi ne a kan matsin iskar gas da bai sauka ba, ya kasa juyawa, ya yi ta jan wuta yana zafi.

Bugu tsakanin rassa da karkarwa

Idan awo ya nuna wutar shigowa tana tsaye, ba ta lilo, amma na'urar tana kai-kawo tsakanin rassa biyu, laifin yana cikin akwati. A na'urorin da suke auna wutar fita, iyakar ƙasa da ta sama dole su fi faɗin mataki ɗaya tazara. A misalin da ya gabata, idan abin fitarwa ya sauka zuwa bolt 199 a reshe na biyu, allon zai hau reshe na farko, wutar ta zama kimanin 227, wanda yake daidai muddin iyakar sama tana wajen 235. Amma idan firiset ya goce, saboda ƙurar hunturu da ta shige shi ko saboda wani ya taɓa murɗa shi da ka, iyakar ta sauko zuwa 225, to allon zai ga 227 ya yi yawa, ya sauka, ya ga 199 ya yi kaɗan, ya hau, ba iyaka. Daidaita firiset yana buƙatar bariyak, wato taransifomar hannu da ake murɗawa a sami kowane ƙarfin wuta daga sifili zuwa wajen bolt 260. Ana sa ƙwan fitila mai zare a matsayin kaya, a riƙa ɗaga wutar a hankali daga ƙasa ana rubuta inda kowane rile ya buga da abin da ya fita, sannan a sauko ana sake rubutawa. Bambancin lambar hawa da ta sauka shi ne tazarar dawowa, kuma reshen da tazararsa ta kusa sifili shi ne mai ciwon. Murɗa firiset ba tare da wannan na'ura ba caca ce da kayan mutane, domin ana iya kashe ƙarar yau a kuma buɗe ƙofar da bolt 260 zai bi ya shiga talabijin gobe.

Karkarwa mai sauri kuwa tana da sauƙin ganewa. Wutar bolt 12 da ke jan koyil daga wani ƙaramin naɗi na taransifomar nan take fitowa, a gyara ta da dayod, a tace ta da kafasita mai ruwa a ciki, yawanci 470µF ko 1000µF. Koyil yana buƙatar kusan kashi 75 cikin 100 na wutarsa kafin ya ja, wato bolt 9. Idan kafasitar ta bushe, kuma wutar layi ta yi ƙasa, sai rile ya ja, jan nasa ya ƙara sauke wutar allon, awon allon ya rikice, ya saki, ya sake ja. Zafi ne yake busar da kafasita, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta suke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. A yankin da zafin Afirilu da Mayu yake haura digiri 40 a inuwa, na'urar da aka ajiye a shagon kwano a bayan firiza tana tsufa da wuri. Kafasitar da kanta ya kumbura ba ta buƙatar awo, a canja ta da mai adadi ɗaya wadda aka rubuta wa digiri 105. A duba dalmar ƙafafun rile ma da gilashin ƙara girma, domin bugu da zafi suna tsaga ta zobe-zobe, da taransistan da ke tuƙa koyil, da dayod ɗin da ke gicciye a kansa. Ƙaramin janareta da gudunsa yake hawa yana sauka yana haifar da irin wannan ruɗani, kuma gyaran a wurin janaretan yake.

Lalacewar rile da abin da take yi wa wutar fita

Duk lokacin da leɓɓa suka rabu alhali wuta tana ratsa su sai tartsatsi ya tashi, ya ɗan ci fuskar ƙarfen, kuma kaya masu mota irin su firiza da famfon ruwa sun fi tsananta shi. Masu ƙera irin waɗannan rile sukan ƙiyasta musu bugu kusan 100,000 a ƙarƙashin cikakken kaya. Na'urar da take bugu sau ashirin a yini za ta shekara goma ba ta cinye wannan ba, amma wadda take bugu duk daƙiƙa biyar, awa shida kowane dare, tana yin 4,320 a dare ɗaya, ta ƙarar da ran rile cikin kwana 23. Wannan shi ne asalin makon ukun da na'urar take dawowa wurin mai gyara.

Lalacewar tana bayyana ta hanya uku. Leɓɓan da suka ƙone suna wuce da wuta idan babu kaya, mita ta nuna lafiya, amma da an ɗora kaya sai wutar fita ta sauka. Rabin om a kan amfiya 8 yana cin bolt 4, ya haifar da zafin wat 32 a cikin ɗan akwatin roba, shi ya sa jikin irin wannan rile yake yin rawaya ko ya kumbura, ana jin ƙaurin roba. Rile ɗin da ya daina ja kuwa yana sa wutar fita ta karkace a wani yanki guda kawai na wutar shigowa, sauran yankuna lafiya, abin da jadawalin bariyak yake fito da shi fili. Mafi haɗari shi ne leɓɓan da suka narke suka manne. Idan suka manne a reshen da ke ninkawa sau 1.45 cikin dare, da asuba wutar layi ta dawo bolt 215, abin da zai fita ya haura bolt 310. Na'urar da kariyarta ta sama take aiki za ta yanke ta ƙi kunnawa, ko ta yi ta kunnawa tana yankewa. Wadda ba ta da ita za ta ƙona duk abin da ke kanta. Wani lokaci mannewar takan gajarce rassa biyu, fis ya tsinke ko naɗin ya ƙone. Saboda haka duk na'urar da fitilu suka yi haske fiye da kima a kanta a cire mata kaya nan take.

Gwajin rile ana yin sa ne bayan an zare na'urar daga wuta gaba ɗaya, domin taransifoma mai naɗi ɗaya ba ta raba allon da wutar layi, kuma a yawancin na'urori taɓa allon yana a kunne daidai yake da taɓa wayar wuta. Koyil ɗin babban rile na amfiya 30, samfurin T90 mai bolt 12, yakan nuna kusan om 160, na ƙaramin T73 mai amfiya 10 kuma kusan om 400. Idan mita ba ta nuna komai ba ya tsinke. Tsakanin ƙafar COM da NC ya kamata a sami abin da bai kai om 0.1 ba bayan an cire turjiyar wayoyin mita, tsakanin COM da NO kuma a buɗe. Idan aka ba koyil bolt 12 daga batir sai lamarin ya juya. Gwajin da ya fi wannan gaskiya shi ne a ratsa da wutar ƙwan mota ta cikin leɓɓan a auna faɗuwar bolt a kansu, domin ƙaramar wutar mita ba ta tona ƙonewa. Goge leɓɓa da sanfefa yana cire siririn rufin azurfar da ke kansu, su sake ƙonewa cikin kwanaki. A canja da mai bolt ɗin koyil iri ɗaya, da amfiya daidai ko fiye, kuma idan na'urar ta daɗe tana kai-kawo a canja duka biyun da suka yi ta bugun. Kunnawar farko bayan gyara a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jera a layin shigowa, wanda zai haska sosai idan akwai gajarcewa maimakon naɗin ya ƙone.

Akwai hali ɗaya da ba na na'ura ba ne, ba kuma na wayar shago ba. Idan wutar shigowa tana hawa sama sa'ad da maƙwabci ya kunna babban kaya, wani gida yana ganin bolt 170 na kusa da shi yana ganin 270, to wayar nutural ta layin unguwar ce ta saki ko ta tsinke, wutar layuka ukun da ke fitowa daga taransifoma ta rasa ma'auni. Babu sitabilaizar da za ta iya bin wannan lilo, kuma abin yi shi ne a kashe babban makunni a kai rahoto ofishin KEDCO mafi kusa. Ɗaukar wani ya hau falwaya ya sauya layi yana jefa ransa cikin haɗari, ya kuma mayar da nauyin kan wasu gidaje. Inda kuwa layin lafiya yake amma yana yawan lilo, kuma kayan masu tsada ne, kamar na ɗakin gwajin jini ko firij ɗin magani, sitabilaiza mai mota da ake kira sabo ta fi dacewa, domin tana jan burushin gawayi ne a kan naɗin a hankali maimakon tsalle, ta riƙe wutar fita cikin kashi biyu ko uku cikin 100. Tana da nata sharaɗin: ba ta da saurin rile wajen amsa nutsewar farat ɗaya, burushinta yana cinyewa, kuma ƙurar da ke kwanciya a kan hanyarsa tana buƙatar a share ta bayan kowane hunturu.